Yadda Ƙoda Ke Tsimin Ruwa da Gishiri

Manomin da ya wuni yana sharar gona a zafin bazara yakan lura cewa fitsarinsa ya ragu, ya kuma yi ja. Wannan ba cuta ba ce, ƙoda ce ke tsimin ruwa bisa umarnin wasu sinadarai biyu da jini ke kai mata, irin waɗanda ake kira homon.

A kowace rana ƙodojin baligi suna tace ruwa kimanin lita 180 daga jini, amma abin da ke fita a matsayin fitsari bai fi lita ɗaya da rabi ba. Sauran yana komawa cikin jini ta bangon ƙananan bututun ƙoda. Mafi yawansa yana komawa ne ba tare da jiran umarni ba. A ƙarshen bututun ne kawai ake yanke shawarar abin da za a riƙe, kuma a nan homon biyun suke aiki.

Na farko shi ne basofiresin, wato homon mai hana yawan fitsari, wanda littattafai ke taƙaita sunansa da ADH. Zufa ta fi ɗauke ruwa a kan gishiri, saboda haka gishirin da ya rage a jinin manomin nan yakan yi ƙarfi. Ko da ƙarin bai wuce kashi 1 zuwa 2 cikin ɗari ba, wani sashe na ƙwaƙwalwa zai gane, ya tayar da ƙishirwa, ya kuma sa halittar fituwitari da ke ƙarƙashinsa ta saki basofiresin. Da isarsa ƙoda sai ya buɗe ƙananan kafofin ruwa a bangon ƙarshen bututun, ruwa ya koma jini, dattin ya wuce.

Sai dai tsimin yana da iyaka. A ce jiki yana tara dattin da dole a fitar har awo 600 a rana, da ma'aunin da ake kira miliyosmol. Iyakar abin da ƙoda ke iya cusawa cikin lita ɗaya ta fitsari shi ne kimanin awo 1200. Idan aka raba 600 da 1200, za a sami rabin lita. Ke nan duk ƙishirwar da manomin ke ji, sai ya rasa wannan rabin litar. Idan kuwa babu basofiresin, lita ɗaya ba ta ɗaukar fiye da awo 50, sai 600 ɗin nan su buƙaci lita 12. Haka ke faruwa ga wanda rauni a ka ya lalata masa fituwitari: fitsari mai yawa, fari kamar ruwa, da ƙishirwa dare da rana. Ana bambanta shi da mai ciwon sukari da cewa gwaji ba ya nuna sukari a fitsarinsa.

Homon na biyu shi ne aldostiron, wanda ke fitowa daga halittar adirinal da ke zaune a kan kowace ƙoda. Shi yawan jinin ne damuwarsa. Yayin da zufa ta ci gaba da zuba, jinin da ke isa ƙoda yakan ragu, sai ita kanta ƙodar ta saki sinadarin renin. Renin ne ke jawo samuwar anjiyotensin, wanda ke matse jijiyoyin jini, ya kuma umarci adirinal ta saki aldostiron. Aikin aldostiron shi ne mayar da sodiyam, wato sinadarin da ke cikin gishirin miya, zuwa jini, tare da fitar da fotasiyam. Inda sodiyam ya tafi kuwa, ruwa na biye da shi. Kimanin kashi 2 cikin ɗari na sodiyam ɗin da aka tace ne kawai ke hannunsa, amma wannan ya kai gishiri giram 30 a rana, fiye da abin da mutum ke ci.

Idan adirinal ta lalace, kamar yadda tarin fuka kan jawo, gishiri zai riƙa zurarewa cikin fitsari. Mai wannan cuta, wadda likita Thomas Addison ya bayyana a 1855, yakan yi jiri idan ya miƙe, ya yi ta kwaɗayin gishiri, fotasiyam kuma ya taru har ya dagula bugun zuciya. Idan kuma aldostiron ya yi yawa, sakamakon shi ne hawan jini mai wuyar sauka tare da ƙarancin fotasiyam.

Abin da ɗalibi zai riƙe shi ne, basofiresin yana daidaita ƙarfin gishiri a jini cikin mintoci, aldostiron kuwa yana daidaita yawan jinin cikin sa'o'i. Saboda haka ne yaron da gudawa ta kwashe wa ruwa da gishiri tare ba ya wadatuwa da ruwa zalla, sai an ba shi ruwan gishiri da sukari, domin ƙoda tana iya tsimin abin da ya rage ne kawai, ba ta iya mayar da wanda ya riga ya zube.