Amsar Tambaya: Ƙididdigar Tsadar Kaya

Malama mai tambaya, ƙa'idar masana hisabi ita ce a zaɓi shekara guda a mai da ita asali, a ba farashinta alƙalami 100, sa'an nan a auna sauran shekaru da ita. Misali, idan kayan cefanen naira 20,000 suka koma 25,000, sai a raba sabon farashi da na asali, a ninka da 100, a sami 125, watau tsada ta ƙaru da kashi 25 cikin ɗari. Amma idan alƙalamin ya tashi daga 125 zuwa 150, ƙarin kashi 20 ne, domin da 125 za a raba ratar. Ki kiyaye wannan bambanci.