Darasi na 18: Wasiƙa a Kan Hoton Kanti

Yau za mu karanta wasiƙar wani ɗalibi mutumin Bakura, wanda ya tafi karatu birnin Alƙahira ta ƙasar Masar. A cikin wani littafin mahaifinsa ya tsinci tsohon hoton kantin kakansu. Ba a rubuta kome a bayan hoton ba. Waɗansu dangi sun ce kantin a Maradun yake, waɗansu sun ce a Talata Mafara. Waɗanda suka san gaskiya duk sun tsufa. Sai ya sa aka sake buga hoton, ya aika wa ɗan kawunsa tare da wannan wasiƙa. Mu karanta a hankali, mu ga yadda ake sa hoto ya yi magana.

Zuwa ga taubashina,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina fata kana lafiya, da Kawu, da Inna, da sauran mutanen gida duka. Ni ma lafiya lau nake, sai kewar tuwon dawa, wanda na san kana cinye rabona.

Bayan haka, ga hoton kantin Kaka nan na aiko maka. Ina so mu san garin da aka ɗauke shi, da shekarar da aka ɗauka. Na duba shi da kyau, na ga alamu huɗu.

Alama ta fari, allon da ke bisa ƙofa. Sunan garin ya goge, amma a ƙasa ana iya karanta sunan jiha da Turanci, watau Jihar Arewa maso Yamma. An kafa wannan jiha a 1967. A 1976 aka raba ta, ƙasarmu ta zama cikin Jihar Sakkwato, sai a 1996 aka yi Jihar Zamfara. Ashe ke nan ba a ɗauki hoton kafin 1967 ba.

Alama ta biyu, allon farashi da ke jingine da bango. An rubuta sabulu, a gabansa an sa 1/6. Wannan rubutun tsohon kuɗi ne, ma'anarsa sule ɗaya da sisi. A lokacin kwabo 12 ke sule, sule 20 ke fam. Ran 1 ga Janairu 1973 aka kawo naira, fam ɗaya ya zama naira 2, sule ya zama sabon kwabo 10. Da bayan canjin kuɗi aka rubuta allon, da kwabo 15 za a sa. Amma kada mu yi gaggawa. Mai kanti yana iya barin tsohon allo ya daɗe bai goge ba, balle mutane sun ci gaba da cewa sule da fam shekaru da yawa.

Alama ta uku ita ce babba. Dubi hanyar da ke gefen kantin. Manyan motoci biyu suna wuce juna. Wadda ta ba mu baya tana hannunmu na dama, wadda ke fuskantarmu tana hagu. Wannan tuƙin hannun dama ne. Dā a Nijeriya hagu ake bi, sai ran 2 ga Afrilu 1972 aka koma dama. Na yi tsoron ko mai wanke hoto ya juya shi, domin in an juya, dama takan koma hagu. Sai na duba rubutun allo, na ga yana karantuwa daidai. Hoton bai juyu ba.

Alama ta huɗu, lokacin shekara. Kukar da ke bayan kanti ba ta da ganye ko ɗaya, watau ba damina ba ce. Tsofaffin da ke zaune a kan tabarma sun lulluɓa da gwado, ga kuma dammunan dawa a kan jaki. An gama kaka ke nan, hunturu ya shigo.

To, haɗa su. Motoci sun ce bayan Afrilu 1972. Allon farashi ya ce ba a daɗe da tsohon kuɗi ba. Hunturun farko bayan canjin hannu shi ne na ƙarshen 1972 zuwa farkon 1973. Nan zatona ya fi ƙarfi. In ya kuskure, to hunturun da ya biyo baya ne.

Batun gari kuwa, na fi zaton Talata Mafara, domin babbar hanyar Gusau zuwa Sakkwato ta nan ta bi, ga kuma taron mutane kamar ranar kasuwar Talata. Amma wannan zato ne kurum, mota tana shiga kowane gari.

Ga abin da nake roƙonka. Ka kai wa Kawu hoton, ka kai wa Gwaggo a Maradun, amma kowa shi kaɗai. Kada ka faɗa musu zatona, don kada su bi bakina. Ka ce kawai, "Ina ne nan? Su wa ke zaune?" Ka tambaye su kuma ko an fara aikin madatsar Bakolori lokacin da Kaka ke wannan kanti. An fara aikin a 1974, aka gama ginin madatsar a 1978. Tsoho yakan manta lambar shekara, amma ba ya manta babban abin da ya faru. In sun ambaci unguwa, ka je ka duba ko kukar tana nan, gama kuka ta fi ginin ƙasa daɗewa. Kada ka yi jinkiri, ka san Gwaggo ƙarfi ya ƙare.

Ka gai da kowa da kowa. Haza wasalam.

Ni ne ubangidanka, ko ka ƙi ko ka so.

Mun ji wasiƙa. Yanzu mu lura da dabarar wannan ɗalibi. Abin da ya fi sabunta a cikin hoto shi ke yanke magana. Tsohon abu yana iya zama cikin sabon hoto, kamar yadda tsohuwar tukunya ke zama a ɗakin amarya. Amma sabon abu ba ya shiga hoton da aka ɗauka kafin a yi shi. Saboda haka ya fi dogara ga motoci bisa ga allon farashi.

Mu lura kuma bai gauraya sani da zato ba. Ya sani ba a ɗauki hoton kafin Afrilu 1972 ba. Garin kuwa zato ya yi, ya bar wa tsofaffi su tabbatar.

Tambayoyi

1. Wace shekara aka kawo naira?
2. Sule ɗaya da sisi, kwabo nawa ke nan a sabon kuɗi?
3. Yaya ɗalibin ya gane hoton bai juyu ba?
4. Don me ya ce a tambayi Kawu da Gwaggo dabam dabam?

Aiki

Kowa ya nemo tsohon hoto a gida. Mu tambayi manya, sa'an nan mu rubuta a bayansa sunan gari, da shekara, da sunayen mutanen da ke ciki. Mu yi da fensir, kada mu danna, domin tawada takan ɓullo ta ɓata fuskar hoto.