Siffanta Kamannin Tauraro Ba Tare da Yanke Masa Hukunci Ba: Misali Daga Bakin Ruwan Tiga

Mai nazarin ƙagaggun labaran da suka bunƙasa a Kano tun daga tsakiyar shekarun 1980 ya saba da wata tauraruwa guda wadda ke sauya suna daga littafi zuwa littafi: fara ce sol, mai dara-daran idanu, hanci har baka, gashi har gadon baya. Mugu kuwa baƙi ne gajere mai jajayen idanu. A irin wannan siffantawa marubuci bai nuna mutum ba, hukunci ya yanke, ya kuma ɗora shi a kan launin fata da ƙirar jiki. Wannan maƙala ta taƙaita ga tambaya ɗaya: yaya za a raba abin da ido ya gani da abin da zuciya ta yanke, ba tare da hoton ya dushe ba?

Wahalar tana cikin harshen kansa. Kalmomin da suka fi rayar da hoto a Hausa su ne siffofin amsa-kama, waɗanda Paul Newman ya yi bayaninsu a littafinsa na nahawun Hausa na 2000, kuma kusan kowace tana ɗauke da ra'ayi. "Santaleliya" da "zungureriya" duk tsawo suke nufi, amma ta farko yabo ce, ta biyu ba'a. Haka "shirgege" ya zarce "kakkaura", domin ya haɗa da ƙyama ko tsoro. Su ma kalmomin launi ba a kan mizani ɗaya ake aza su ba: da wuya a ga "baƙi wuluk" a wurin yabo, alhali "wankan tarwaɗa" ya zama kamar lambar girma.

Mu ɗauki masunci a madatsar ruwa ta Tiga da ke ƙaramar hukumar Bebeji, wadda aka kammala a 1974 zamanin Gwamna Audu Bako. Ga daftarin farko, irin wanda ɗalibi kan rubuta:

"Wani shirgegen baƙauye ne mummuna, baƙi wuluk, da wata ƙazamar tsaga a fuska."

A cire "shirgege", "baƙauye", "mummuna" da "ƙazama", domin babu wadda mai ɗaukar hoto zai iya kamawa. Abin da ya saura shi ne baƙin mutum mai tsaga, wato kusan babu komai. Ta haka ake gane cewa zagi ne ya riƙe jimlar. Ga daftari na biyu:

"Dogo ne kakkaura, ya ba hamsin baya. Kafaɗarsa ta dama ta ɗan fi ta hagu sauka, wajen da yake saɓa birgi. Baƙi ne, sai dai daga gwiwa zuwa ƙasa fatarsa ta yi furu-furu. Bille guda ya taso daga karan hancinsa ya gangara kuncin hagu. Da ya miƙo hannu a gaisa, tafin duk kanta ce."

Siffantawar ta bi tafiyar idon mai tahowa: tsawo da ƙira daga nesa, launi da tsaga a kusa, tafin hannu a lokacin musabaha. Kusan kowace alama kuma tana da sanadi a sana'ar mutumin, shi ya sa ba za ta zauna daram a jikin ɗan tireda na kasuwar Kwanar Ɗangora a Ƙiru ba, ko manomin masara na Tudun Wada. A lura cewa ba a kori amsa-kama baki ɗaya ba. "Furu-furu" ta tsira saboda yanayin fata take nunawa, ba darajar mai fatar ba.

Batun tsaga ya fi buƙatar hattara a kudancin Kano, inda Hausawa Musulmi da Maguzawa da Fulani makiyaya na kewayen dajin Falgore suke cin kasuwa ɗaya, ga kuma zuriyar waɗanda haƙar kuza ta kawo Riruwai a Doguwa. A ganina, mai ba da labari ya faɗi sunan tsagar, ko bille ce ko zube ko kalangu, da gurbinta a fuska, ya tsaya nan. Da zarar ya ɗora da "irin ta su wane", ya bar kamanni ya shiga ƙabilanci. Shekaru ma abin dubawa ne: al'adar tsaga ta ja baya ƙwarai, don haka billen da ya dace da ɗan hamsin zai buƙaci dalili a fuskar ɗan sha biyar.

Wannan ƙa'ida ta shafi muryar mai ba da labari ne kawai. Idan wata tauraruwa, 'yar birni da ta zo Tiga sayen kifi, ta juya ta ce wa direbanta, "Malam, wancan shirgegen ne mai kwalekwalen?", kalmar ta dawo da izini, domin yanzu halin mai maganar take bayyanawa, kuma mai karatu ya riga ya ga masuncin da idonsa.