Yadda Ake Nuna Wurin Magana A Littafin Da Ba Shi Da Lambar Shafi

Littafin da ake karantawa a waya ko kwamfuta iri biyu ne, kuma rashin bambance su shi ne tushen yawancin kurakuran madogara da mai wannan rubutu ke cin karo da su a aikinsa na tace kundayen bincike. Akwai mai tsayayyen shafi, kamar PDF, wanda yake kwafin bugun takarda ne. Akwai kuma mai malala, kamar EPUB da littattafan Kindle, wanda rubutunsa ke bin girman fuskar na'ura yadda ruwa ke bin siffar mazubinsa. A wannan iri na biyu, lambar da ke bayyana a ƙasa yawanci ba ta littafin ba ce, lissafi ne da manhaja ta yi a lokacin, don haka da zarar an sauya girman haruffa ko an koma wata na'ura, jimlar da ke shafi na 140 tana iya komawa na 60. Gwajin da ke tona wannan ba shi da wuya: a ƙara girman rubutu, idan yawan shafuka ya sauya, to lambar ba abar dogaro ba ce.

Mafita ita ce a nuna wuri da abin da yake cikin ginin littafin kansa, wato babi, kan magana da sakin layi. Almajiran ilimi sun daɗe da sanin wannan hanya, domin ana ambaton aya ne da sura da lambarta, hadisi kuma da kitabi da babi, shi ya sa bambancin bugu ba ya ɓatar da mai nema. Tsarin APA, a bugunsa na 7, ya ba da zaɓin a kawo sunan sashe, ko lambar sakin layi da mai bincike ya ƙirga da kansa, ko a haɗa biyun, kuma ya hana amfani da lambar Location da Kindle ke nunawa, tunda wanda ke riƙe da bugun takarda ba zai amfana da ita ba. Tsarin MLA kuwa bai yarda a ƙirga sakin layin da littafin bai sa wa lamba ba, sai dai a tsaya ga babi, saboda haka wajibi ne ɗalibi ya fara sanin tsarin da sashensu ke bi.

A ɗauki Things Fall Apart na Chinua Achebe, wanda ya fito a 1958 da babi 25, a ce ɗalibi mai bin tsarin APA yana son nuna inda dattijo Ezeudu ya gargaɗi Okonkwo kada ya sa hannu a kisan Ikemefuna. Idan ya nemi sunan Ikemefuna a akwatin bincike na manhajar, sakamakon zai yi yawa, amma sunan Ezeudu a wurare kaɗan yake fitowa, kuma daga cikinsu zai ga wanda ya faɗo a babi na 7. Daga nan sai ya koma farkon babin, ya ƙirga sakin layi ɗaya bayan ɗaya har ya iso wurin, yana lissafa kowace magana ta tattaunawa da ta fara a sabon layi a matsayin sakin layi guda, sannan ya rubuta sunan marubuci, shekarar bugun da ya karanta, babi na 7 da lambar da ya samu. Fara ƙirga daga farkon babi ya fi farawa daga farkon littafi nesa ba kusa ba, domin ƙirge mai tsawo shi ke jawo kuskure, kuma malamin da zai duba ba zai jure bin ɗaruruwan sakin layi ba.

Binciken kalma shi ma yana da tarko, musamman a rubutun Hausa. Na'ura tana ɗaukar k da ƙ, ko d da ɗ, a matsayin haruffa mabambanta, don haka wanda ya rubuta kasa ba zai sami ƙasa ba, kuma abin da ya fi dacewa shi ne a zaɓi kalmomi uku ko huɗu a jere waɗanda ba su da harafi mai lanƙwasa. Idan bincike bai fito da komai ba ko da an nemi kalmar da ake gani ƙuru-ƙuru, kuma ba a iya zaɓar rubutun da yatsa, to fayil ɗin hoton shafuka ne kawai. A irinsa, lambar da aka buga a jikin shafin ake ɗauka, ba wadda manhaja ke nunawa ba, domin ita manhaja tana haɗa bango da shafukan gabatarwa a lissafinta.