Yaya Kuɗi Ke Tafiya a Ƙaramar Waya Ba Intanet?

Wani mai sauraronmu daga Gazawa yana tambaya: yaya ake tura kuɗi da ƙaramar waya alhali ba ta da intanet?

To malam, kuɗin suna asusunka a na'urar kamfani, wayar umarni kawai take aikawa. Idan ka danna *436# na Airtel Money, saƙon yana bin hanyar da waya ke bi ta shirya kira. Ana kiran wannan tsari USSD, kuma rezon kira ya wadatar.

A ce za ka tura jika biyar Gidan Rumji. Ka zaɓi tura kuɗi, ka sa lambar mai karɓa, ka rubuta 5000, sannan lambar sirrinka. Nan take na'urar za ta cire daga asusunka ta zuba a nasa, ku duka ku sami saƙo. Shi kuma ya karɓi tsaba wurin wakili.

Amma tattaunawar wayarka da na'urar kamfani tana da ƙayyadadden lokaci. In ka yi jinkiri, ko rezo ya ɗauke a hanyar Agye, sai ta yanke. Idan ta yanke bayan ka sa lambar sirri, mai yiwuwa kuɗin sun riga sun tafi. Duba saƙo da ragowar asusunka kafin ka maimaita, kada ka biya sau biyu.