Kada Mu Ce Masa Kuturu

'Yan'uwa ɗalibai, mu nan Gadarif mun san kala'azar, ciwon da cizon wani ɗan mitsitsin ƙuda ke kawowa. Bayan yaro ya warke, sau da yawa ƙuraje kan feso masa a fuska. Nan ne wasu ke tsokanarsa da "kuturu". To, ba kuturta ba ce, ragowar kala'azar ce, kuma galibi takan baje da kanta. In ta daɗe, a koma asibiti. Ko kuturtar ce ma, aya ta 11 a Suratul Hujurati ta hana mu jifan juna da mummunan laƙabi. Mu kira shi da sunansa. In dole sai mun ambaci halinsa, "mai jinya" ya isa. In mun haɗu, mu ce: "Sannu, ya jiki?"