Yadda ake sabunta taken shafin rangwamen Sallah kowace shekara ba tare da sauya adireshinsa ba

Mai sayar da shadda da atamfa a intanet yakan buɗe shafi na musamman idan Sallah ta ƙarato, ya zuba kayan da ya rage wa kuɗi. Kuskuren da aka fi yi shi ne a buɗe sabon shafi duk shekara, ɗaya na 2024, wani na 2025, sannan a goge tsohon da zarar an gama hidima. Wannan darasi zai nuna hanyar da ta fi: adireshi ɗaya da ba ya motsi, da take mai sauyawa a lokacin da ya dace.

Shekara ba ta shiga adireshi

Sabon adireshi baƙo ne a wurin Google. Sai manhajarsa ta gano shi, ta karanta shi, ta saka shi a rumbunta, kuma babu wani shafi da ke nuni zuwa gare shi tukuna. Rangwamen Sallah kuwa makonni kaɗan yake yi, don haka kasuwa na iya watsewa kafin shafin ya samu gindin zama. Tsohon adireshi yana riƙe da duk abin da ya tara: linkin da aka tura a zaurukan WhatsApp bara, da waɗanda wasu shafuka suka saka. A 2020 Google ya ba masu shagunan Black Friday wannan shawarar, cewa su cire shekara daga adireshi su riƙa amfani da guda ɗaya.

```
example.com/rangwame/babbar-sallah
example.com/rangwame/karamar-sallah
```

Kowace Sallah da nata shafin, domin wanda ke neman kayan Ƙaramar Sallah a cikin azumi bai kamata ya tarar da take mai maganar layya ba. An rubuta `karamar` da k marar lanƙwasa da gangan, saboda harafin ƙ yakan rikiɗe ya zama `%C6%99` idan aka kwafi adireshin. Wanda ya riga ya yi shafuka masu shekara, sai ya karkatar da su duka zuwa wannan adireshin da turawa ta dindindin mai lamba `301`, kada ya bar su suna nuna `404`.

Shekara tana shiga take

Take shi ne rubutun da ke cikin `<title>`, wanda akasari shi ne layin da mutum ke gani ya latsa a sakamakon bincike. A nan shekara take da amfani, domin ita ce ke gaya wa mai saye cewa farashin na bana ne.

```html
<title>Rangwamen Babbar Sallah 2026: Shadda da Atamfa | Sunan Shago</title>
```

Wannan taken haruffa 60 ne cif idan aka haɗa da tazara. Google yana yanke take ne gwargwadon faɗin allo, kuma daga wajen nan yankan yakan fara. Shi ya sa sunan bikin da shekara suke gaba, sunan shago yana ƙarshe: idan an datse wutsiya, ba a yi asarar abin da ake nema ba.

Tarkon shekarar da ke sauya kanta

Masu haɗa shafi da yawa sukan bar wa kwamfuta aikin, su saka `date('Y')` a PHP ko `%%currentyear%%` a Yoast na WordPress. Wannan yana bin kalandar Bature, Sallah kuma tana bin wata. A ɗauki shagon da ya yi rangwamen Babbar Sallah ta 2025, wadda aka yi ranar 6 ga Yuni a Nijeriya. Da tsakar daren 1 ga Janairun 2026 taken zai koma 2026 da kansa, alhali kaya da farashin da ke ciki na bara ne. Wata da watanni shafin yana alƙawarin abin da babu shi, mai saye ya ga shadda a tsohon kuɗi, ya kira waya, a ce masa ai wannan ya wuce.

Saka ranar sauyi ta dindindin ma ba ta warware matsalar, domin Sallah tana matsowa da kimanin kwana 11 duk shekara. Babbar Sallah ta 2024 ta faɗo ranar 16 ga Yuni, ta 2025 kuma 6 ga Yuni. Abin da ya fi aminci shi ne a ajiye shekarar a wuri guda, a sauya ta da hannu ranar da aka zuba sabbin kaya.

```php
$shekara = 2026;
$take = "Rangwamen Babbar Sallah $shekara: Shadda da Atamfa";
```

Daga wannan `$take` ɗin za a cika wurare uku: `<title>`, da babban kan shafi wato `<h1>`, da `og:title` wanda WhatsApp da Facebook ke nunawa idan an tura linki. Dalilin haɗa su shi ne Google ba dole ne ya nuna abin da ke cikin `<title>` ba. Idan ya ga take yana cewa 2025 amma kan shafin yana cewa 2026, yana iya ɗaukar taken a matsayin wanda aka manta ba a sabunta ba, ya rubuta nasa.

Sau uku ake taɓa taken

Na farko kafin rangwame. Mai sayen yadi ba ya jiran jajibere, tunda sai ya kai wa tela, teloli kuma sukan daina karɓar ɗinki idan Sallah ta matso. Don haka makonni shida zuwa takwas kafin Sallah a saka sabuwar shekara, a cire tsofaffin farashi, a rubuta ranar da rangwamen zai fara a saman shafin.

Na biyu ranar da aka fara. A nan ana iya ƙara yawan ragin, misali "ragi har 20%", muddin akwai kayan da ragin nasu ya kai hakan a shafin.

Na uku bayan Sallah. Ba a goge shafin. A cire shekara da yawan ragi, taken ya koma "Rangwamen Babbar Sallah: Shadda da Atamfa | Sunan Shago". A cikin shafin a faɗa a fili cewa na bana ya ƙare, a saka linki zuwa kayan da ake sayarwa yanzu.

Yadda ake gane ko sauyin ya kama

A fara buɗe shafin a burauza da `view-source:` a gaban adireshin, a nemi `<title>`. Idan tsohon ne ke nan, matsalar daga gida take, galibi ma'ajiyar wucin gadi ce ke ba da tsohon kwafi, sai a share ta.

Idan sabon ne amma Google yana nuna tsohon, to bai sake ziyartar shafin ba. A shiga Search Console, a liƙa adireshin a URL Inspection, a duba ranar da ke gaban Last crawl. In ta riga ranar gyaran, a latsa Request Indexing, sannan a saka linkin shafin a shafin farko na shagon, wanda aka fi yawan ziyarta. Sauyin na iya ɗaukar kwanaki, wani lokaci makonni, kuma wannan jinkirin ya shafi cirewa kamar yadda ya shafi sakawa. Saboda haka mai shagon da ya san rangwamensa na 'yan kwanaki ne, gara ya bar yawan ragin a cikin shafi kawai, kada taken ya ci gaba da shelar 20% bayan an gama cin naman Sallah.